Kason mata a majalisa: yadda ake tsara shi da abin da yake haifarwa

A 1995 mata suna riƙe da kimanin kashi 11 cikin 100 na kujerun majalisun dokokin duniya. Yau sun ɗan haura kashi ɗaya cikin huɗu, kuma mafi yawan ƙasashen da suka yi tsalle mai nisa a wannan tsakanin sun yi shi ne da wani tsari na ware wa mata kaso. Sai dai akwai abin da ke ɗaure wa mutane kai. Ƙasashe biyu za su rubuta adadi ɗaya a dokarsu, a ce kashi 30, ɗaya ta wayi gari da mata kusan sulusin majalisa, ɗayar kuma ta shafe shekara ashirin ba ta kai rabin haka ba. Ajantina da Burazil maƙwabta ne, dukkansu sun ce kashi 30, kuma abin da ya same su ke nan. Adadin da ake ta jayayya a kansa a kafafen labarai shi ne mafi ƙarancin tasiri a cikin dokar. Abin da ke yanke hukunci shi ne gurbin da aka sa sunan mace a takardar takara, da abin da zai sami jam'iyyar da ta ƙi bin doka, da kuma irin tsarin zaɓen da ƙasar ke amfani da shi.

Kason iri uku ne. Akwai wanda jam'iyya ke ɗora wa kanta don radin kanta, kamar yadda jam'iyyun Suwidin da Nowe da jam'iyyar ANC ta Afirka ta Kudu suka yi. Akwai wanda doka ke tilasta wa kowace jam'iyya a kan 'yan takarar da za ta tsayar. Na uku shi ne keɓe kujeru, wato a ce kujeru kaza na mata ne, namiji ba ya neman su. Biyun farko suna ba mace damar tsayawa ne kawai. Na ukun kaɗai ke tabbatar mata da kujera tun kafin a kaɗa ƙuri'a.

Bari mu fara da kason 'yan takara, domin a nan ne dabaru suka fi yawa. A ƙasashe da dama ba mutum ɗaya ake zaɓa a mazaɓa ba. Lardi guda yana da kujeru da yawa, kowace jam'iyya ta miƙa jerin sunaye daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, mai zaɓe ya dangwala wa jam'iyya, sannan a raba kujerun gwargwadon ƙuri'un da kowacce ta samu, ana ɗaukar sunaye daga sama. Mu ƙaddara lardi mai kujeru goma da jam'iyyu uku. Ta farko ta sami rabin ƙuri'u, ta ci kujeru biyar. Ta biyu ta ci uku, ta uku ta ci biyu. Doka ta ce kashi 30 na 'yan takara su zama mata, ba ta ƙara komai ba. Kowace jam'iyya sai ta sa mata uku a lamba ta takwas da ta tara da ta goma. An bi doka tsaf, hukumar zaɓe ba ta da ta cewa, kuma ko mace ɗaya ba ta shiga majalisa daga wannan lardin ba.

Yanzu a ƙara wa dokar sharaɗi: a cikin kowane sunaye uku a jere dole a sami mace. Shugabannin jam'iyya ba sa ba da abin da ya wuce dole, saboda haka za su ajiye matan a lamba ta uku da ta shida da ta tara. Jam'iyya ta farko za ta kai mace ɗaya, ta biyu ma ɗaya, ta uku babu, tunda kujerunta biyu sun ƙare kafin a iso kan macen. Mata biyu cikin goma ke nan, kashi 20, alhali doka ta ce 30. In kuwa aka ce a riƙa jera su namiji, mace, namiji, mace, to ko da namiji ne a saman kowane jeri, jam'iyya ta farko za ta kai mata biyu, ta biyu ɗaya, ta uku ɗaya: huɗu cikin goma. Masu zaɓe ba su canza ra'ayi ba a duk lissafin nan uku, ƙuri'un su ne dai. Jeren sunayen kawai aka taɓa, sakamako ya tashi daga sifili zuwa huɗu.

Ko wannan jeren na bi-da-bi yana da inda yake yoyo. In jam'iyyu sun yi yawa har kowacce kujera ɗaya take ci a lardi, wanda ke saman jeri ne kaɗai zai shiga, kuma galibi namiji ne. Haka ta faru a Tunisiya a zaɓen majalisar tsara kundin mulki na 2011. Doka ta tilasta jera maza da mata bi-da-bi, amma jerin da mace ke jagoranta bai kai ɗaya cikin goma ba, jam'iyyu kuma sun yi yawa ƙwarai. Rabin 'yan takara mata ne, kujerun da suka samu ba su wuce wajen kashi ɗaya cikin huɗu ba. Shi ya sa masu tsara irin wannan doka suka fara ƙara wani sharaɗi, cewa in jam'iyya ta tsaya a larduna ashirin, to mata su jagoranci jerinta a goma daga ciki.

Ajantina ce ƙasar farko da ta kafa irin wannan doka a kan dukkan jam'iyyu, a watan Nuwamba na 1991, lokacin da mata ba su wuce kashi 5 ko 6 na majalisar wakilai ba. Dokar ta ce kashi 30, ta kuma ƙara da cewa a sa matan a guraben da ake iya cin zaɓe, kuma jerin da bai cika sharaɗi ba ba za a yi masa rajista ba. Jam'iyyu sun gwada sa'arsu duk da haka. A zaɓen 1993, jam'iyyar UCR a lardin Kordoba ta miƙa sunaye shida, mata biyu a ciki, ɗaya a lamba ta huɗu, ɗaya a ta shida. Wata lauya 'yar jam'iyyar, María Merciadri de Morini, ta kai ƙara. Kotunan ƙasar ba su ba ta gaskiya ba, sai ta ɗaukaka maganar zuwa hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta nahiyar Amurka. Ƙarshenta a shekarar 2000 gwamnati ta fitar da sabon umurni da ya fayyace gurbin da mace za ta zauna gwargwadon yawan kujerun da jam'iyya ke karewa: in biyu ne, ɗaya daga sunaye biyun farko dole mace ce. Kafin ƙarshen shekarun 1990 mata sun kusa kashi 28 na majalisar wakilai, daga baya suka haura 30, a 2017 kuma ƙasar ta kafa dokar rabi da rabi a jerin 'yan takara. Abin lura shi ne matan da ke cikin jam'iyyun ne suka yi ta maka shugabanninsu a kotu, zaɓe bayan zaɓe, har dokar ta zauna da gindinta.

Burazil ta sa kashi 30 a dokarta ta 1997, amma tsarinta daban ne. A can mai zaɓe yana zaɓar mutum ne daga cikin jerin jam'iyya, wanda ya fi ƙuri'a shi ke shiga, saboda haka jeren sunaye ba shi da wani amfani. Abin da ke aiki shi ne kuɗin kamfe da lokacin talabijin, jam'iyyu kuwa maza suka riƙa ba wa. An yi ta samun mata 'yan takarar jeka-na-yi-ka, waɗanda aka rubuta sunansu don a cike gurbi, wasu ko ƙuri'ar kansu ba su samu ba. Har zaɓen 2014 mata ba su wuce kashi 10 na majalisar wakilai ba. Sai da kotuna suka yanke a 2018 cewa aƙalla kashi 30 na kuɗin kamfe da gwamnati ke bai wa jam'iyyu ya tafi ga 'yan takara mata, sannan adadin ya motsa zuwa 15.

Matsalar ta fi tsanani inda kowace mazaɓa mutum ɗaya take zaɓa. Ba a raba kujera ɗaya gida uku a ba mace kaso. Abin da doka za ta iya cewa shi ne, a duk faɗin ƙasa, rabin waɗanda jam'iyya ta tsayar su zama mata. Faransa ta gwada wannan, kuma labarinta ya cancanci a tsaya a kansa, domin doka ɗaya ce ta yi aiki a wani zaɓe ta kuma gaza a wani, a ƙasa ɗaya, cikin shekara biyu.

Tun 1982 majalisar Faransa ta yi yunƙurin sa kaso a zaɓen ƙananan hukumomi, amma kotun tsarin mulki ta soke shi, tana cewa ba a rarraba 'yan ƙasa rukuni-rukuni a sha'anin zaɓe. Sai da aka gyara kundin tsarin mulki a 1999, sannan aka kafa dokar daidaito a watan Yuni na 2000. A zaɓen kansiloli na garuruwan da mutanensu suka kai 3,500, inda ake amfani da jerin sunaye a lokacin, hukuncin mai sauƙi ne: jerin da bai daidaita ba, ba a karɓarsa. A zaɓen 2001 mata kansiloli a waɗannan garuruwa suka tashi daga wajen kashi 26 zuwa kusan 48. A zaɓen majalisar dokoki ta ƙasa kuwa, mai kujeru 577 da ake ci ɗaya-ɗaya, tara aka sa. Jam'iyyar da tazarar da ke tsakanin 'yan takararta maza da mata ta wuce kashi 2 za a zaftare mata wani abu daga tallafin da gwamnati ke ba ta.

Ga yadda ake lissafin. A ce jam'iyya ta tsayar da maza kashi 70, mata kashi 30. Tazarar 40 ke nan. A dokar farko rabin tazarar ake cirewa, wato za a rage mata kashi 20. Amma tallafin gida biyu ne. Gida na farko ana biyansa ne bisa yawan ƙuri'un da jam'iyya ta samu a zagayen farko, na biyu kuma bisa yawan 'yan majalisar da take da su, tarar kuwa gida na farko kaɗai take taɓawa. Babbar jam'iyya mai ɗimbin maza da ke kan kujera sai ta zauna ta auna: in ta sauke su za ta jawo wa kanta rigimar cikin gida, tana kuma tsoron rasa kujerun da ke kawo mata kuɗin gida na biyu. Biyan tara ya fi mata araha. Manyan jam'iyyun suka riƙa yafe miliyoyin yuro duk shekara, ƙananan da ba su da wata hanyar kuɗi su ne suka bi doka, su kuma ba su cika cin kujeru ba. Matan da manyan suka tsayar, da yawansu an tura su mazaɓun da jam'iyya ta san ba ta taɓa ci. A 1997, kafin dokar, mata kashi 10.9 ne na majalisar. A 2002, bayan dokar, suka zama 12.3.

An ɗaga tarar zuwa kashi 75 na tazarar a 2007, sannan zuwa 150 a 2014. A misalinmu na sama, jam'iyyar da ta yi asarar kashi 20 yanzu kashi 60 za ta rasa. A 2017 mata suka ci kujeru 224, kusan kashi 39. Ba tarar kaɗai ta yi wannan ba, don a shekarar ce sabuwar jam'iyyar shugaban ƙasa Emmanuel Macron ta share fage, kuma da yake ba ta da tsofaffin 'yan majalisa da za ta lallaɓa, ta tsayar da mata a mazaɓun da ake ci. Wannan ma ya nuna inda gizo ke saƙar. Ba masu zaɓe ba ne babban shinge. Mutumin da ke kan kujera ne, da waɗanda ke raba tikiti.

Faransawa sun kuma fito da wata dabara ga majalisun larduna. Daga 2015 an rage yawan mazaɓu kusan da rabi, kowace mazaɓa tana zaɓar mutum biyu da suka tsaya tare a tikiti ɗaya, namiji da mace. Rana ɗaya mata suka tashi daga wajen kashi 14 zuwa rabi cif. Da aka zo zaɓen shugabannin waɗannan majalisu kuwa, kimanin goma kacal cikin ɗari ne mata.

Meziko ta nuna yadda ake toshe ɓaraka ɗaya bayan ɗaya. A can kowane ɗan takara yana da mataimaki da zai gaje shi in ya sauka. A 2009, kwanaki kaɗan da rantsar da majalisa, mata takwas suka nemi a ba su izinin sauka, kuma duk mataimakansu maza ne, wasu ma 'yan uwansu ko mazajensu. Tun farko don a cika kaso aka tsayar da su. A 2011 kotun zaɓe ta yanke cewa in 'yar takara ta shigo ta hanyar kaso, mataimakiyarta ma dole mace ce. A 2014 aka sa daidaito cikin tsarin mulki, aka kuma hana jam'iyyu tara mata a mazaɓun da suka fi shan kaye. Hukumar zaɓe tana duba sakamakon kowace jam'iyya na zaɓen baya, ta kasa mazaɓunta gida uku, inda take da ƙarfi, da tsaka-tsaki, da inda ba ta kataɓus, ta tabbatar ba a jibge matan a gida na ƙarshe ba. A 2021 majalisar wakilai mai kujeru 500 ta rabu 250 da 250.

Keɓe kujeru ya kauce wa duk wannan wasan ɓuya, shi ya sa ƙasashen da ke zaɓen mutum ɗaya a mazaɓa suka fi karkata gare shi. Uganda tana da kujerar mace ɗaya a kowace gunduma. Kenya tana da kujeru 47, ɗaya ga kowace gunduma, a kan kujerun mazaɓu 290. Ruwanda ta keɓe 24 cikin 80. Amma tambayar da ya kamata a yi ita ce wa ke zaɓar matan. In jama'a ne ke kaɗa musu ƙuri'a kai tsaye, kamar a Kenya, to 'yar majalisar tana da mutanen da za ta koma ta yi wa bayani, ko da yake yankinta ya ninka na takwaranta namiji sau da yawa, kamfe ya fi mata tsada. In kuwa jam'iyyu ne ke naɗa su gwargwadon kujerun da suka ci, kamar a Fakistan da Bangaladash, to wanda ya sa sunanta shi ne mazaɓarta, kuma da wuya ta ɗaga masa murya. Akwai wata illar kuma. Da zarar an keɓe kujeru, shugabannin jam'iyya kan ce wa macen da ta nemi tikitin mazaɓa ta gama-gari ta koma wajen kujerarsu ta mata. Abin da aka yi don ya zama mafi ƙarancin rabo sai ya koma iyakar rabo. Kenya ta ƙara da wani darasi: kundinta na 2010 ya ce kada jinsi ɗaya ya wuce kashi biyu cikin uku na majalisa, amma bai faɗi yadda za a cimma haka ba, kujeru 47 kuma ba su isa ba. Majalisa ta yi ta kasa kafa dokar aiwatarwa, har a 2020 Alƙalin Alƙalai David Maraga ya shawarci shugaban ƙasa ya rusa ta. Ba a rusa ba.

To, a ce matan sun shiga. Me ya canza? A nan muhawarar take da zafi, kuma hujjojin ba ƙarfinsu ɗaya ba.

Sukar da aka fi ji ita ce ta cancanta, cewa kaso yana ture gwani ya kawo wadda ba ta kai shi ba. Wannan magana tana ɗauka cewa kafin kaso cancanta ce ke ba da tikiti, wanda duk mai bin siyasa ya san akwai kuɗi da dangantaka da biyayya ga ubangida a ciki. An kuma auna ta. A 1993 jam'iyyar Soshal Dimokurat ta Suwidin ta tilasta wa rassanta jera maza da mata bi-da-bi. Masanin tattalin arziki Timothy Besley da abokan aikinsa uku sun bi bayanan 'yan siyasar ƙananan hukumomin ƙasar, suka auna ƙwarewar kowa da abin da yake samu a sana'arsa idan aka kwatanta shi da masu irin iliminsa da aikinsa da shekarunsa. Binciken da suka wallafa a 2017 ya nuna ƙwarewar matan ba ta ragu ba, ta mazan kuma ƙaruwa ta yi, musamman a inda kason ya fi girgiza jerin. Dalilin da suka kawo shi ne shugaba mai rauni yakan kewaye kansa da raunana don kada a ture shi, da guraben maza suka ragu sai irin waɗannan suka fara faɗuwa. Ana iya jayayya da ma'aunin, don samun kuɗi ba shi ne iya wakilci ba, kuma Suwidin ba ita ce duniya ba. Duk da haka, mai cewa kaso yana rage inganci shi ne yanzu ake bin sa bashin hujja.

Suka ta biyu ta fi nauyi a ganina: su wane ne matan da ke shiga? Sau da yawa matan manya ne da 'ya'yansu da ƙannensu. A ƙauyukan Indiya an san mijin shugaba da ke zama a kujerar matarsa yana sa hannu a madadinta. Wannan gaskiya ne, yana faruwa. Sai dai gadon kujera bai fara da mata ba, 'ya'yan manya maza sun daɗe suna cin moriyarsa ba tare da an ce a hana maza takara ba. Abin da sukar ke nunawa shi ne kaso yana canza jinsin wanda aka ba tikiti, ba ya canza hannun da ke bayarwa. Macen karkara marar kuɗi da ɗaurin gindi tana iya zama nesa da majalisa kamar yadda take a da.

Game da ko mata suna sauya abin da hukuma ke yi, hujja mafi ƙarfi daga Indiya ta fito, kuma dalilin ƙarfinta yana da ban sha'awa. Gyaran tsarin mulki na 73, wanda ya fara aiki a 1993, ya keɓe wa mata sulusin kujerun majalisun ƙauyuka da sulusin shugabancinsu. A wasu jihohi ana fitar da ƙauyukan da za a keɓe ne ta hanyar da ba ta da alaƙa da halin ƙauyen, kusan kamar jefa ƙuri'a, ana kuma juyawa daga zaɓe zuwa zaɓe. Saboda haka in aka ga bambanci tsakanin ƙauyen da mace ke shugabanta da wanda namiji ke shugabanta, ba za a ce dama can ƙauyen ya fi wayewa ba. Raghabendra Chattopadhyay da Esther Duflo sun yi nazarin ƙauyuka a jihohin Bengal ta Yamma da Rajastan, suka wallafa a 2004. Sun fara da duba abin da mata suka fi kawo kuka a kansa, sannan suka duba inda kuɗi ya tafi. A duka jihohin biyu, inda mace ke shugabanci an fi zuba jari a ruwan sha, wanda shi ne kan gaba a koke-koken mata. Da a ce duk mazajensu ne ke juya su, da ba a ga wannan bambancin ba. Binciken da ya biyo baya a Bengal ta Yamma ya gano cewa a ƙauyukan da aka keɓe sau biyu a jere, ƙyamar da maza ke yi wa shugabancin mace ta ragu, iyaye sun ɗaga burinsu a kan 'ya'yansu mata, tazarar karatu tsakanin yara maza da mata ta rufe. Sau ɗaya bai isa ya kawo wannan ba. A birnin Mumbai kuma Rikhil Bhavnani ya nuna cewa bayan an janye keɓewar daga wata mazaɓa, damar mace ta ci zaɓe a can ta ninka kusan sau biyar idan aka kwatanta da mazaɓar da ba a taɓa keɓewa ba.

Amma kada a ɗauki wannan a shimfiɗa shi a kan majalisar ƙasa kai tsaye. Shugaban ƙauye yana da kasafi a hannunsa, shi ke cewa a haƙa rijiya a nan. 'Yar majalisa ɗaya ce cikin ɗaruruwa, jam'iyya ke gaya mata yadda za ta kaɗa ƙuri'a, shugabannin kwamitoci ke yanke ƙudurin da zai ga hasken rana. A Ajantina an lura cewa bayan kaso ƙudurorin da suka shafi haƙƙin mata sun ƙaru sosai, amma yawan waɗanda suka zama doka bai bi sahu ba. Ruwanda ce misalin da kowane ɓangare ke jawowa. A 2008 ta zama ƙasar farko da mata suka fi maza yawa a majalisa, da kashi 56, a 2013 suka kai wajen 64. Ƙungiyar mata 'yan majalisa ce ta jagoranci dokar yaƙi da cin zarafin jinsi ta 2008. Majalisar nan dai, da rinjayen matan, ita ce a 2009 ta amince da dokar ƙwadago da ta rage albashin da mai jego ke samu a lokacin hutun haihuwa, sai bayan shekaru aka gyara. A ƙasar da ɓangaren zartarwa ke riƙe da kusan komai, yawan mata a majalisa ba zai ba majalisar ƙarfin da ba ta da shi ba, kuma gwamnati na iya amfani da adadin ta wanke kanta a idon duniya.

Saura sukar da bincike ba zai warware ba, wadda kotun Faransa ta tsaya a kai a 1982: ɗan majalisa wakilin kowa ne, ba na jinsinsa ba, kuma hana mutum neman wata kujera saboda shi namiji ne tauye haƙƙinsa ne da na masu zaɓe. Ina ganin wannan hujja tana da ƙarfi a kan keɓe kujeru fiye da kason 'yan takara, domin a tsarin jerin sunaye dama can mai zaɓe ba shi ke jera sunayen ba, shugabannin jam'iyya ne, kuma su doka ta ɗaure wa hannu. Ƙasashe da yawa sun rage kaifinta ta hanyar rubuta dokar ba tare da ambaton mata ba, su ce kada kowane jinsi ya gaza kashi kaza. Wasu kuma sun sa wa tsarin wa'adi.

Indiya ta bi ta wa'adin. A 2023 ta gyara tsarin mulkinta don keɓe wa mata sulusin kujerun majalisar wakilai ta ƙasa da na majalisun jihohi na tsawon shekara 15, ta kuma ɗaure fara aikin da ƙidayar jama'a da sake shata mazaɓu. Za a riƙa juya mazaɓun da aka keɓe, kuma juyawar tana da nata tsadar da aka riga aka gani a ƙauyuka. Namijin da ya san za a keɓe mazaɓarsa a zagaye na gaba ba shi da dalilin wahalar da kansa a kanta, yana kuma iya tsayar da matarsa ta riƙe masa. Macen da ta ci, ta koyi aikin, ta san mutanenta, tana iya tarar da cewa an buɗe kujerar ga kowa daidai lokacin da ta fara ƙwarewa, jam'iyya kuma ta mayar wa tsohon mai ita tikitinsa.